Tanko ya buga wa Bala katako a Dei-Dei, Bala ya mutu da dare: rataya ko ɗauri?

Zulai_Lugbe: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aji uku a sashen shari'a, an ba mu wata tambaya da za mu tattauna ranar Litinin, kuma kan 'yan rukuninmu ya rabu biyu. Labarin ƙirƙirarre ne, ga shi a taƙaice.

Tanko yana bin Bala bashin naira 40,000 a kasuwar katako ta Dei-Dei. Ya je karɓa, magana ta yi zafi, Bala ya zage shi ta uwa ya kuma kwaɗa masa mari a gaban jama'a. Aka raba su. Tanko ya koma rumfarsa, bayan kamar minti goma ya dawo riƙe da guntun katako, ya buga wa Bala sau ɗaya a gefen kai. Bala ya faɗi, ya tashi da kansa, ya ƙi zuwa asibiti, ya sayi maganin ciwon kai a kemis ya tafi gida. Da dare ya suma, aka kai shi asibiti, ya cika kafin a shiga da shi tiyata. Likita ya ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kansa, kuma da an kawo shi da wuri da wataƙila ya rayu. Tanko ya ce wa 'yan sanda: "Wallahi ban yi nufin kashe shi ba, so na yi ya ji zafi kamar yadda na ji."

Tambayar: a fito da aktus riyus, wato aikin laifin, da mens riya, wato niyyar da ke bayansa, sannan a faɗi ko kisan da hukuncinsa kisa ne ko wanda bai kai nan ba. Ni a ganina bai kai ba. Me kuka gani?

Sadik_Gwagwalada: Wa alaikumus salam. Ai wannan mai sauƙi ce ƙanwata. Aikin yana nan, ya buga. Niyyar kisa babu, shi da bakinsa ya faɗa. In babu niyya babu kisan ganganci. Kuma Bala ne ya ƙi zuwa asibiti, saboda haka ma ana iya cewa shi ya jawo wa kansa mutuwar. Rubuta haka ki wuce.

Yaro_Mai_Keke: Mutum ya zage ka ta uwa, ya mare ka, kuma yana riƙe da kuɗinka. Ni dai ban ce a kashe kowa ba, amma Bala ma ya cika neman magana.

Barista_Lawal: Sadik, in ta rubuta haka malaminta zai ba ta rabin maki, in ya ji tausayinta ke nan. Mu fara da dokar da za a yi aiki da ita. Dei-Dei a Abuja take, kuma a Abuja da Final Kod ake hukunci, ba Kiriminal Kod na Kudu ba. Sassan da za ki buɗe su ne 220, 221, 222, 224 da 225.

Sai batun aikin. Bugun kaɗai bai cika aktus riyus na kisa ba. Dole mai gabatar da ƙara ya nuna cewa Bala ya mutu, kuma bugun Tanko ne sanadin mutuwar. Nan ne Sadik yake ganin ya sami ƙofa, amma dokar ta riga ta rufe ta. Bayanin da ke ƙarƙashin sashe na 220 ya ce wanda ya ji wa mutum rauni, raunin ya kashe shi, ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya jawo mutuwar ko da a ce magani mai kyau zai iya cetonsa. Wato "da ya je asibiti da ya rayu" ba ta wanke Tanko. Abin da zai yanke igiyar shi ne wani sabon sanadi da ya shigo ya yi kisan da kansa, misali mota ta kaɗe Bala a hanyar gida, ko a asibiti a yi masa wata allura da ba ta dace ba ita ce ta kashe shi alhali raunin yana warkewa. A labarinki babu ko ɗaya. Jinin da katako ya fasa shi ne ya ci gaba da zuba har dare.

Nas_Hadiza: Barista bari in sa baki a nan, don wannan ɓangaren namu ne. Wanda ya tsara tambayar ya san abin da yake yi da ya ce "gefen kai". Ƙashin wajen, tsakanin ido da kunne, siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. In ta fashe jini yana taruwa tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum yana iya tashi ya yi magana garau, har ya ci abinci, sai bayan wasu awoyi jinin ya danne ƙwaƙwalwa. Daga nan sai amai, barci mai nauyi, ƙwayar ido ɗaya ta buɗe fiye da ɗayar. Saboda haka tashin da Bala ya yi ba ya nuna cewa bugun ƙarami ne. Don Allah duk wanda aka buga a kai ya suma ko na ɗan lokaci ne, a kai shi asibiti, a bar kemis.

Zulai_Lugbe: Na gode Anti Hadiza. Barista, to na yarda da sanadin. Amma niyyar fa? A nan muka rabu. Mutumin ya ce ba kisa ya nufa ba, kuma sau ɗaya ya buga.

Barista_Lawal: Kusan duk wanda ya tsaya a gaban alƙali kan kisa haka yake cewa. Da maganarsa kaɗai ake bi, da ba a taɓa samun kowa da laifi ba. Kotu ba ta ganin zuciya, don haka tana karanto niyya daga abin da hannu ya yi: wane makami, wane wuri a jiki, da wane ƙarfi, sau nawa, me ya faɗa kafin nan, me ya yi bayan nan.

Kuma sashe na 221 hanya biyu gare shi. Ta farko, ya yi nufin kisa. Mu ce wannan ba ta tabbata a kan Tanko ba. Ta biyu ita Sadik ya tsallake: ya sani, ko yana da dalilin sani, cewa mutuwa ita ce abin da irin wannan aikin ya saba haifarwa, ba kawai abin da ka iya faruwa ba. Ki lura da "yana da dalilin sani". Ko Tanko bai kawo mutuwa a ransa ba, in mai hankali a matsayinsa zai ga cewa wannan bugu kisa ne, ya shiga 221, kuma hukuncinta kisa ne, alƙali ba shi da zaɓi.

Sashe na 19 ya raba matakan biyu. Akwai sakamakon da in ya faru mai hankali ba zai yi mamaki ba. Akwai kuma wanda mai hankali zai ce ai dama shi ne abin da aka saba gani daga irin wannan aikin. Na farko yana kai mutum 224, ɗaurin rai-da-rai ko abin da bai kai haka ba, ko tara, ko duka biyun. Na biyu yana kai shi 221. Duk shari'ar Tanko a wannan ɗan tsakanin take rataye, kuma dokar da kanta ta ce hujjojin kowace shari'a ne ke yanke wannan.

Alhaji_Katako: Ranka ya daɗe Barista, ni ban yi karatun lauya ba amma katako sana'ata ce. Tambayar nan ta bar abu mafi muhimmanci. "Guntun katako" wane iri? Akwai ɗan siririn tubaitu na farin ice da yaro zai karya a gwiwa. Akwai guntun tubaifo na ice mai nauyi irin madaci, ƙafa uku, wanda in ka ɗaga da hannu biyu ka sauke wa mutum a kai, kai ma ka san ba gaisuwa ka yi ba. Kuma Tanko ɗan kasuwar ne, kullum yana ɗaga su. Ba zai ce bai san nauyinsu ba.

Barista_Lawal: Alhaji ka faɗi abin da lauya mai kyau zai tsaya a kai. Zulai, a amsarki ki ce labarin bai fayyace nauyin katakon ba, sannan ki bi hanyoyin biyu. Katako mai nauyi, hannu biyu, a kai: 221 ta yi ƙarfi. Mara nauyi, bugu ɗaya, bai ƙara ba da Bala ya faɗi alhali babu wanda ya riƙe shi: lauyan Tanko zai ce mutuwa abu ce mai yiwuwa amma ba ita aka saba gani ba. In ma ya yi sa'a kotu ta ga cewa rauni kawai ya nufa kuma aikin bai kai wanda ake tsammanin kisa daga gare shi ba, akwai sashe na 225, wanda iyakarsa shekara 14.

Sadik_Gwagwalada: Amma Barista a littafin da na karanta an ce niyyar yi wa mutum mummunan rauni kaɗai ta isa a kama shi da kisan kai. To ke nan ma ba sai an yi ta wannan dogon lissafin ba.

Barista_Lawal: Ɗazu ka sake shi, yanzu kuma ka rataye shi. Abin da ka karanta gaskiya ne, amma a Ingila da kuma sashe na 316 na Kiriminal Kod. A can niyyar mummunan rauni ta wadatar. Final Kod ba ta tsaya nan ba, sai ta ƙara tambaya ko raunin da aka nufa irin wanda ya saba kisa ne. Da a Enugu Tanko ya yi bugun nan, da aikin mai gabatar da ƙara ya fi sauƙi.

Abu_Fatima: Salamu alaikum. Ni ban ga abin wahala ba. Iyalan Bala su zaɓa, ko ƙisasi ko diyya ko su yafe. Diyya raƙuma 100 ce ko kimarsu. Me ya kawo duk waɗannan lambobin?

Zulai_Lugbe: Malam, a Abuja ne, kuma tambayar ta dokar ƙasa ce. Kotunan shari'ar Musulunci na nan ba sa sauraren ƙarar kisa, Babbar Kotu ce ke yi. Yafewar dangi ba ta rufe ƙarar, don gwamnati ce mai ƙara.

Abu_Fatima: To na fahimta. Amma tunda an zo nan, a mazhabar Malikiyya da muke bi kisa kashi biyu ne a mashhurin zance, ganganci da kuskure. Wanda ya bugi mutum cikin fushi da ƙiyayya, ko da sanda ne, ya mutu, ganganci ne, ba a tambayar ko kisa ya nufa. Sauran mazhabobi ne suka sa kashi na uku a tsakiya, mai kama da ganganci. Saboda haka a wurinmu Tanko ba shi da ta cewa sai dai dangi su sassauta.

Barista_Lawal: Malam ya taɓo tarihi. A 1947 an yi shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Kotun Sarki ta yanke masa hukuncin kisa bisa Malikiyya, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin saboda a dokar Turawa tsokanar da aka yi masa ta sauko da laifin. Irin wannan karo na cikin abin da ya kai ga rubuta Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya. Wannan ya kawo mu kan abin da ban ga kowa ya taɓa ba tukuna, wato marin.

Yaro_Mai_Keke: Ni na taɓa shi tun farko aka share ni.

Barista_Lawal: Ka yi haƙuri, kai ne farko. Ko an tabbatar da 221 cif, sashe na 222 yana iya sauko da laifin zuwa 224. Ƙaramin sashe na 1 yana maganar wanda aka yi wa tsokana mai tsanani kuma ta bazata, har ya fita hayyacinsa, ya yi kisa yana cikin wannan halin. Zagi ta uwa da mari a bainar jama'a, ga ɗan kasuwa a cikin abokan sana'arsa, ba zai yi wuya a ce mai tsanani ne ba, don ana auna abin da mutum irinsa a muhallinsa. Matsalar Tanko minti goman nan ce. An raba su, ya taka da ƙafarsa zuwa rumfa, ya zaɓi katako, ya tako ya dawo. Mai gabatar da ƙara zai ce wannan ramuwa ce da aka shirya. Kuma furucinsa, "so na yi ya ji zafi kamar yadda na ji", ya fi cutar da shi fiye da taimakonsa, don ya nuna mutum mai lissafi. Sannan za a duba ko martanin ya yi daidai da tsokanar: mari da tafin hannu, ramuwa da katako a kai.

Maman_Ikram: Ni ban yarda minti goma ta isa mutum ya huce ba. Ƙanen mijina irin wannan ta same shi, ba a Abuja ba. Faɗa ya kaure a gareji, ya ture wani, mutumin ya faɗa kan bakin kwalbati ya fasa kai ya rasu. Ya daɗe a tsare ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a kafin ma a kai shi Babbar Kotu. A ƙarshe ɗauri aka yi masa, ba kisa ba. Yaron nan ko kaza ba ya iya yankawa. Har bayan kwana biyu in an ambaci faɗan jikinsa rawa yake yi, balle minti goma.

Baba_Sufeto_Mai_Ritaya: Allah ya kyauta Hajiya, amma nasa daban ne da na Tanko. Shi turewa ya yi ana tsakiyar faɗa, hannu wofi. Wannan shi ne faɗan da ya ɓarke nan take ba shiri, ƙaramin sashe na 4 na 222, in ma an kai ga cewa kisa ne. A can ba a damu da wanda ya fara ba, muddin ba ka ci zalin wanda ba shi da kariya ba ko ka yi abin rashin imani. Tanko kuwa faɗan ya mutu ya dawo ya tashe shi, da makami, a kan wanda ba ya riƙe da komai. Da ni ke binciken, tambayoyina ga shaidu su ne: daga inda aka raba su zuwa rumfarsa taku nawa ne? Da ya isa ya zauna, ko ɗauka kawai ya yi ya juyo? Ya yi magana da wani? Bala yana kallonsa ko ta baya ya zo? Kuma "minti goma" a bakin shaidar kasuwa tana iya zama biyu, tana iya zama rabin awa. Babu mai duba agogo ana faɗa.

Zulai_Lugbe: Baba wannan ya taimaka ƙwarai. Amma akwai iyakar minti da doka ta sa na hucewa?

Barista_Lawal: Babu. Abin da ake tambaya shi ne ko akwai isasshen lokacin da mai hankali zai dawo cikin hayyacinsa, da kuma ko shi wannan ɗin ya dawo. A nan ni da Maman Ikram ba mu yi nisa da juna ba. In shaidu suka ce ya tafi yana huci, bai tsaya ba, ana riƙe shi yana fizgewa, Bala kuma yana ci gaba da zaginsa daga nesa, lauya zai ce tsokanar ba ta yanke ba, abu ɗaya ne mai ci gaba. In kuwa ya zauna ya sha ruwa ya sallami mai saye, ta ƙare. Ki kuma rubuta cewa nauyin tabbatar da laifi yana kan mai gabatar da ƙara har sai babu kokwanto mai ma'ana, kamar yadda sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce, kuma kotu tana duba duk wata kariya da hujjoji suka nuna ko wanda ake tuhuma bai ambace ta ba.

Sadik_Gwagwalada: To ba za a ce kare kai ya yi ba? An fara marinsa ai.

Baba_Sufeto_Mai_Ritaya: Kare kai daga me, ɗana? Marin ya wuce, an raba. Haƙƙin kare kai yana nan ne muddin haɗarin yana nan.

Nas_Hadiza: Wani abu ya tsaya min. Lokacin da Tanko ya yi bugun da rana ne, mutuwar kuma da dare. A ce kafin dare ya yi nadama, har ya je gidan Bala ya ba da haƙuri ya biya kuɗin magani. Ba a cewa sai niyya da aiki sun haɗu a lokaci guda?

Barista_Lawal: Sai sun haɗu, amma a lokacin aikin, ba lokacin fitar rai ba. Abin da ke zuciyarsa sa'ad da katako ya sauka shi ake tambaya. Nadamar yamma tana iya taimakonsa wajen sassauci in an sauko 224, amma ba ta goge abin da ya wuce. Inda wannan ƙa'ida ke ba da wahala shi ne irin shari'ar Thabo Meli ta 1954, daga ƙasar da yanzu ake kira Lesotho. Sun bugi mutum da nufin kisa, suka ɗauka ya mutu, suka jefa shi daga kan dutse don a ce haɗari ne, ashe da ransa, sanyin waje ne ya ƙarasa shi. Suka ce lokacin da muke da niyya ba mu kashe ba, lokacin da muka kashe kuma gawa muka ɗauka muna jefarwa. Kotu ta ce duk shiri ɗaya ne, ba a yanka shi gunduwa-gunduwa. A ta Tanko ba ki buƙatar wannan, layi ɗaya ya isa.

Alhaji_Katako: To Barista kai in kai ne alƙali fa? Ka yi ta zagaye.

Barista_Lawal: Da abin da aka ba mu kawai, zan ƙi karɓar tsokana saboda tafiyar da dawowar, amma zan tsaya a 224, don bugu ɗaya da katakon da ba a san nauyinsa ba bai cire min kokwanto kan 221 ba. In aka kawo katakon kotu na ga irin tubaifon da ka kwatanta, zan iya canzawa.

Baba_Sufeto_Mai_Ritaya: Ni kuwa 221. Wanda ya tafi ya zaɓo makami ya nufi kai, ya san abin da kai yake. Na ga an yanke hukuncin kisa a kan bugu ɗaya.

Maman_Ikram: Ku dai maza kuna maganar minti goma kamar ba ku taɓa yin fushi ba.

Zulai_Lugbe: Yanzu rukunin namu ya koma kashi uku, don wata ta karanta nan ta koma 225. Barista, in na kawo duka ukun na zaɓi ɗaya da dalili, ya yi? Kuma Baba, labarin bai faɗi ko ta baya ya zo ba, zan tambayi malamin ko da gangan ya bar shi haka.